Shawara: Waya kaɗai gare ni, data na cinye ni, wuta kuma sai an ga dama

Assalamu alaikum Yaya. Ni matashi ne ina ɗan aikina amma abin da nake samu baya kai ni ƙarshen wata, kuma ba ni da komai sai wayar Android ɗinnan tawa, ba laftof ba jari. Na gwada manhajojin nan na kallon talla da danna-danna, wata guda ina yi data ta ƙare ban cire ko sisi ba. Ga wuta sai ta kwana biyu ba a kawo ba, in an kawo ma awa biyu an ɗauke. Wasu na cewa in buɗe YouTube. Don Allah me zan yi da wayar nan da zai kawo ɗan ƙari ba tare da kuɗin ya ƙare a data da caji ba?

Wa'alaikumus salam ƙanena.

Kafin ka taɓa kowane aiki na waya akwai tambaya ɗaya da nake so ka riƙa yi masa: shi aikin kansa a ina ake yinsa, cikin intanet ko cikin wayar? Wani aikin dole data ta kasance a kunne tun daga farko har ƙarshe, kallon talla da yin laif da ciko fom ɗin safiyo duk irinsa ne, kowane minti ka yi kana aiki to kana biyan kamfanin layi. Wani kuma data a kashe kake yinsa, sai ka gama ka kunna minti biyu ka tura ka sake kashewa. Mutum irinka na biyun ne kawai nasa, na farkon ko da gaskiya suke biya lissafin baya fita.

Manhajojin da ka gwada ɗin ba rashin sa'a ba ne ya hana ka samu, haka aka gina su. Tallan da suke sa ka kalla bidiyo ne, bidiyo kuma shi ne babban maciyin data, awa ɗaya ta gajerun bidiyo tana iya lashe 500MB har zuwa 1GB, su kuma mai tallan ya biya su ɗan kaɗan sai su gutsuro maka ɗan mitsitsi daga ciki su rubuta maka shi a sikirin da sunan maki. Sannan su sa iyakar cirewa a nesa, kana matsowa ladan kowane danni yana raguwa. Waɗanda ma suka fi muni su ne masu cewa ka fara sa kuɗi don a buɗe maka matakin gaba ko ka kawo mutum uku, waɗannan kuɗin sabbin shiga suke biyan tsofaffi da shi har ranar da za a wayi gari shafin baya buɗuwa. Duk aikin da aka ce kai za ka fara biya kafin ka fara, bar shi kawai.

YouTube kuma ba ƙarya ba ne, ana samu, amma duba sharaɗin. Kafin su fara raba kuɗin talla da kai sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12, ko kuma kallo miliyan 10 na Shorts cikin kwana 90, bayan haka ma AdSense, tsarin Google da ake biya ta cikinsa, baya turo kuɗi sai sun kai dala 100. Duk tsawon wannan lokacin kai ke ɗora bidiyo da datarka, kai ke gyara bidiyo da batirinka, gyaran bidiyo kuwa yana sa waya zafi yana zuƙe caji fiye da kusan komai. Mai wuta da Wi-Fi zai iya jira shekara, kai kana son abin da zai shigo wannan watan ne.

To abin da zan ba ka shawara ka kama shi ne yi wa ƙananan 'yan kasuwa hoton talla da kula musu da sitatus da katalog ɗin WhatsApp. Na san ba shi da armashi a kunne kamar a ce maka kana samun dala, amma shi ne ya dace da aljihunka da batirinka. Mai ɗinki, mai sayar da takalma, mai kayan waya, matar da ke sana'a a cikin gida, yawancinsu suna da kaya masu kyau amma hoton da suke ɗorawa duhu ne, an ɗauka a kan gado da zanin gadon da ya yamutse, ba farashi ba lamba, kuma ba su da lokaci ko ba su iya ba. Kai za ka ɗauki hoton da kyau, ka gyara haskensa, ka rubuta sunan kaya da farashi da lambar waya, ka miƙa musu su ɗora ko kai ka ɗora. Kashi tara cikin goma na wannan aikin waya na kan Airplane mode ake yinsa.

Kayan aikin biyu ne zuwa uku, sau ɗaya za ka sauke su. Snapseed don gyaran haske da yanke hoto, PixelLab don rubutu a kan hoto, duka biyun suna aiki ba data. Canva tana da kyau kuma kowa ita zai ce maka, amma ita tana son intanet kusan a kowane motsi, kana buɗe ta tana lodin samfura, don haka ba taka ba ce yanzu. Na uku WhatsApp Business, kyauta ce, tana da Catalog mai ɗaukar kaya har 500, tana da Labels da za ka ware wanda ya biya da wanda ake bi, da Quick replies inda za ka ajiye amsar da ake yawan tambaya ka danna / kawai ta fito. Ka sauke su da daddare in layinka na da bondul ɗin dare, kamfanoni da yawa suna sayar da shi da sauƙi, ko ranar da ka samu Wi-Fi a wani wuri.

Bari mu yi lissafin a kan misali, don sai ka ga lambobin za ka yarda. Ka ce ka samu mutum uku, kowanne hoto biyar a rana, hoto 15 kenan. Hoton da WhatsApp ya matse aka turo shi yadda aka saba yawanci baya wuce 100KB zuwa 200KB, mu ɗauki na saman. Sun turo maka 15, 3MB kenan. Ka gyara ka mayar musu, wata 3MB. Ka ɗora su a naka sitatus ɗin, mu ƙara wata 3MB. Hirar rubutu kusan ba ta cin komai, saƙon murya na minti ɗaya bai kai rabin MB ba, mu ware wa wannan duka 5MB, sannan mu ƙara wata 6MB don abin da waya ke sha a ɓoye duk lokacin da aka kunna data. Jimla 20MB a rana. In ka yi kwana 26 a wata 520MB kenan, wato aikin wata guda na kwastoma uku bai kai abin da awa ɗaya ta kallon bidiyo ke iya cinyewa ba. Ka ga kenan 1GB ɗaya tak ta ishe ka wata har da ragi, in dai ka riƙe hannunka.

Daga nan ne za ka san farashinka ma. Ka duba nawa ake sayar da 1GB na wata a layinka, ka haɗa da abin da kake biya wurin caji a wata in kana biya, ka haɗa da kuɗin mota in kana zuwa shagunan, wannan shi ne uwar kuɗinka. Ka tsara yadda kwastoma ɗaya kaɗai zai biya wannan, na biyu da na uku su zama riba. In ka ga sai ka haɗa ukun kafin kuɗin data ya fito to ka yi arha da yawa ko kuma datar tana zurarewa ta wata hanya.

Kuma tana zurarewa ɗin, wannan kam na tabbata ko ban ga wayarka ba. Lissafin 20MB ɗin can ba zai tsaya ba sai ka toshe wurare huɗu zuwa biyar. Shiga WhatsApp, Settings, Storage and data, ƙarƙashin Media auto-download ka buɗe When using mobile data ka cire alamar komai, hoto da murya da bidiyo da takarda, don guruf-guruf ɗin nan da ake turo bidiyo hamsin a dare su ne ke shanye maka ba ka ma kalla ba. A wurin dai ka kunna Use less data for calls. Ka koma Chats, Chat backup, ka kashe ajiya ta data, ka cire Include videos. A Play Store ka shiga Settings, Network preferences, Auto-update apps, ka mayar da shi Wi-Fi kaɗai ko ka hana gaba ɗaya, don afdet ɗin manhaja ɗaya yana iya kai 100MB, aikin kwana biyar kenan ya tafi kana barci. In kana da Google Photos ka duba kar ya zama yana kwashe hotunanka zuwa sama da data, tunda yanzu za ka riƙa ɗaukar hoto da yawa. Daga ƙarshe ka kunna Data Saver na wayar. Bayan kwana uku ka shiga Data usage a Settings ka ga wace manhaja ce a sama, in ba WhatsApp ba ce to ka kama ɓarawon. In WhatsApp ɗin ce amma lambar ta yi yawa, to sitatus ɗin mutane kake kallo, kowane bidiyon sitatus 'yan MB ne kuma suna bin juna da kansu ba sai ka danna ba.

Akwai wani abu da ke ɓata aikin nan wanda sai an fara ake gani. Hoton da kwastoma ya turo maka WhatsApp ya riga ya matse shi, ka yi rubutu a kai ka tura an sake matsewa, shi kuma ya ɗora a sitatus an ƙara, kafin ya isa idon mai saye farashin ya yi dishi-dishi, gefen haruffa ya yi kamar an jiƙa shi. Wasu za su ce a turo maka hoton a matsayin Document don kar a matse, gaskiya ne yana zuwa tas, amma hoto ɗaya a haka yana kai 3MB zuwa 5MB, 15 ɗinka sun koma 45MB ko fiye a rana, lissafi ya rushe. Maganin da ya fi shi ne ka je da ƙafarka sau ɗaya a sati ka ɗauki hotunan satin gaba ɗaya da wayarka, hoto talatin a zama ɗaya, ba data ko ɗaya. In su suka ɗauka da tasu wayar ka karɓa ta Bluetooth ko Quick Share kuna zaune. Wurin fitarwa kuma ka sa girman 1080 × 1080 ko 1080 × 1350, ka ajiye a JPEG ba PNG ba don PNG na hoto nauyi gare shi, ka yi rubutun manya da kauri, siraran haruffa su ne suke fara mutuwa in an matse. Kafin ka tura wa mai shi ka tura wa kanka ko wani na kusa ka ga yadda ya fito.

Shi ɗaukar hoton ba sai da wata fitila ba, wanda ma alheri ne gare ka. Hasken rana a inuwa, bakin ƙofa ko kusa da taga, da safe ko la'asar, rana tsaka tana ƙona launi. Farar takarda babba ko farin ƙyalle mara yamutsi a baya, ka goge gilashin kyamarar da gefen riga kafin ka fara, wallahi rabin hotunan da ake cewa waya ce ba ta da kyau maiƙon yatsa ne a kan gilashi. Kar ka kunna filas, kar ka yi zum, matsa kusa da ƙafarka. A Snapseed ka shiga Tune image ka ɗan ɗaga haske, ka tsaya nan, kar ka ƙara launi har jan yadi ya koma wani jan daban, don ranar da mai saye ya zo ya ga ba shi ba ne kai za a zaga ba mai shago ba. A PixelLab ka yi wa kowane kwastoma samfuri ɗaya da sunan shagonsa da lambarsa da launinsa ka ajiye da Save as project, kullum hoto da farashi kawai za ka canza, hoton da ya ci maka minti ashirin a farko zai koma minti uku. Af, in da Hausa za ka rubuta ka gwada fon ɗin, wato salon haruffan, tukunna, da yawansu ba su da ƙ da ɗ da ɓ, sai ka ga akwati ko gurbi a tsakiyar kalma, ka zaɓi guda biyu da suke fitar da su ka tsaya a kansu.

Yanzu maganar wuta. Abu biyu ne ke cin batir fiye da komai, sikirin da neman netwok. Inda sabis ke da rauni waya tana ƙara ƙarfi wurin neman turke, shi ya sa za ka ga caji na sauka ko ba ka taɓa ta ba kuma bayanta da ɗumi. Don haka lokacin gyaran hoto ka sa Airplane mode, ka zauna a inuwa don ka iya rage hasken sikirin. Dark mode yana taimakawa ne kawai in sikirin ɗinka AMOLED ne, a kan LCD na yawancin ƙananan wayoyi babu wani bambanci. Hoto 15 da samfuri a shirye aikin awa ɗaya ne ko ƙasa, wayar da ke da batir 5,000mAh mai lafiya ba za ta ji wannan sosai ba. Sai ka yanka wa kanka lokutan kunna data, misali safe da rana da dare, minti 20 zuwa 30 kowanne, ka amsa saƙo ka tura aiki ka kashe. Amma ka sani Away message na WhatsApp Business baya tafiya in wayarka ba ta kan intanet, mutane da yawa suna saita shi su kashe data su ɗauka yana amsa musu alhali shiru ne. Gara ka rubuta lokutan da kake kan layi a bayanin shafinka, ka gaya wa kwastomominka in da gaggawa su kira ka kai tsaye, to kuma in haka ne bayan ka gama gyaran hoto ka tuna ka cire Airplane mode ɗin, data kawai za ka bari a kashe.

Kuɗin farko da ka samu, fawa bank ne, amma ka saya da ido. Lambar da aka rubuta a jiki ba ita ce ke shiga wayarka ba. Mai 10,000mAh an auna shi ne a kan 3.7V na batirin ciki, wato kusan 37Wh, kafin ya ɗaga wutar zuwa 5V ya bi waya ya shiga wani kaso ya tafi a zafi, don haka wayar 5,000mAh zai cika ta sau ɗaya da kamar rabi, ba sau biyu ba. Mai 20,000mAh kusan sau uku. Ga wanda wuta ke kwana biyu ba ta zo ba babban shi ne daidai, sai dai ga inda mutane ke faɗawa: ba sa duba saurin da shi kansa yake shan caji. Mai 20,000mAh kusan 74Wh ne, in Input ɗinsa 5V/2A ne wato 10W, zai ɗauki awa takwas zuwa tara kafin ya cika, kai kuma wutarka ta awa biyu ce, ko kashi ɗaya cikin huɗu da ƙyar zai samu. Wanda ke karɓar 18W ko fiye ta USB-C a awa biyun zai kwashi kusan ninki biyu na haka, amma sai kan cajar da igiyar su ma sun kai, in ka haɗa shi da tsohon kan caja mai 5W ka koma gidan jiya. Ka juya bayansa ka karanta layin Input kafin na Output. In kuma aka ba ka ƙaramin abu mara nauyi an rubuta 50,000mAh, ajiye musu kayansu, batir nauyi gare shi.

Masu ɗan faifan sola a bayansu kuma kar su ruɗe ka, faifan bai wuce kamar 1W ba, sai ya yi kwanaki a rana bai cika ba, zafin ranar kuma yana lalata batirin da ke ciki. In sola za ka yi daga baya, faifai daban mai 10W zuwa 20W mai bakin USB, faifan a rana fawa bank a inuwa da doguwar igiya, shi za ka cika da rana sannan ya ba wayar da dare. Kar ka jona wayar kai tsaye, gajimare na wucewa wutar na hawa da sauka cajin na yankewa. Duk lokacin da aka kawo wuta kuma, ko ƙarfe ukun dare ne, waya da fawa bank su hau tare, ka bar su a jone a soket tun kafin ka kwanta. Kuma kar ka yi ta aiki da waya tana caji tana zafi, ba ka da kuɗin canza batir yanzu.

Samun mutanen farko ba a intanet ba ne, ƙafa ce. Ka zaɓi mutum biyar da ka sani suna sayar da abu, ka ɗauki hoton kayan ɗaya daga cikinsu ka gyara ka nuna masa nasa da naka gefe da gefe a waya, ba sai ka yi dogon bayani ba. Ka yi masa hoto uku kyauta, uku fa, ba sati ba, don wanda ya saba da kyauta ranar da ka ce kuɗi sai ya ga kamar ka canza hali. Daga nan ka faɗi farashin sati. A ƙasan kowane hoto ka sa lambarka ƙarama, abokan sana'arsa da ke kallon sitatus ɗinsa su ne kwastomominka na gaba. Ka kuma sani sitatus baya zuwa sai ga wanda kuka ajiye lambar juna, yana kuma ɓacewa bayan awa 24, Broadcast ma mutum 256 yake ɗauka kuma wanda bai ajiye lambarka ba ba zai samu ba. Saboda haka in mai shago lambobin wayarsa ba su fi arba'in ba, hotonka komai kyansa ba zai kawo masa ciniki ba, sai ka fara ce masa duk wanda ya saya ya karɓi lambarsa su ajiye ta juna. Ka gaya masa wannan tun farko kar bayan sati biyu ya ce aikinka ne baya ci. Kuma hoto biyar a rana ya isa, wanda ya jera talatin mutane Mute suke yi masa.

Wurin biyan kuɗi za a ce maka a bari sai an sayar a ba ka kamasho. Ni dai ban yarda ka fara da wannan shi kaɗai ba. Mai saye ya ga hoto a sitatus ya taka ya je shago ya saya, ta yaya za ka san ta hanyarka ya zo, mai shagon ma ba lallai ya sani ba balle ya ɓoye. Kuɗin sati tsayayye, rabi ranar da ka ɗauki hotuna rabi ranar da ka miƙa, in ana son kamasho ya zama ƙari a kai. Sabon mutumin da ba ka sani ba ka tura masa samfurin da sunanka a rubuce a tsakiya, sai ya biya ka tura mai tsabta. In an ce an tura kuɗi kar ka tsaya a hoton rasit ko saƙon alat, duka ana ƙirƙirarsu, ka duba balans ɗinka da kanka, lambar USSD ta bankinka ba ta buƙatar data. Kuɗin kayan mutane kuma kar ya bi ta asusunka, mai saye ya biya mai kaya kai tsaye, don in kaya bai je ba ko ya je ba shi ba sunanka ne a rasit.

Tunda lambarka za ta fara yawo, yau ɗinnan ka shiga Settings, Account, Two-step verification ka sa lambar sirri. Za a kira ka wata rana da murya mai daɗi a ce ana son ba ka babban aiki ko za a sa ka a wani guruf na 'yan kasuwa, ka karanto lamba shida da aka turo maka yanzu. Wannan lambar ita ce makullin WhatsApp ɗinka, kana faɗa sun ɗauke shi sun fara roƙon kuɗi a wurin kwastomominka da sunanka.

Iyakar abin kuma gara in faɗa maka. Wannan ƙari ne, ba albashi ba, kuma waya ɗaya da mutum ɗaya mai wani aikin da wuya ya riƙe fiye da mutum biyar zuwa shida ba tare da aikin ya fara lalacewa ba. Wasu za su koya su daina kiranka, wasu za su riƙe maka kuɗin sati biyu, wanda ya riƙe sau biyu ka tsayar da nasa aikin har ya biya. Memorin waya ma zai cika da sauri, hoto talatin na asali a sati ga kowane mutum ba wasa ba ne, ka riƙa goge na asalin bayan wata ka bar waɗanda ka gama, ko ka sa katin memori in wayarka na ɗauka. In an fara tambayarka bidiyo kar ka ƙi, amma kuɗinsa daban, don bidiyon sakan 30 ɗaya yana cin datar hoto ashirin ko fiye ga cajin da gyaransa ke sha, ka lissafa wannan a ciki kafin ka faɗi farashi. A ƙarshen watan farko ka buɗe Data usage ka rubuta MB nawa suka tafi, ka rubuta nawa ya shigo daga kowane mutum, ka turo mini lambobin mu duba ko farashin ne za a ɗaga ko wani kwastoman ne za a sauke.

Allah Ya sa albarka.